Kuskuren da masu ajiya suka fi yi a bankunan da ba sa cin kuɗin ruwa

Wata gwaggona ta sayar da filinta, ta ware naira 500,000 ta kai ɗaya daga cikin bankunan da ba sa ta'ammali da kuɗin ruwa. Ma'aikacin da ya cika mata fom ya ce masu ajiya suna da kashi 40 cikin ɗari, banki yana da 60. Ta dawo gida ta yi lissafinta: kashi 40 na dubu ɗari biyar, dubu ɗari biyu ke nan a shekara. Da wata ya ƙare alat ya shigo, ta miƙo mini wayar ta ce, "Ɗan nan, duba mini, ko dai sifili ɗaya suka manta?" Ba su manta komai ba. Ita ce ta ɗora kashin a kan abin da ba shi ake nufi ba.

Wannan kuskure ne da ake yawan yi tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, har zuwa TAJ a 2019 da Lotus a 2021. Asusun ajiya mai riba a irin waɗannan bankuna yawanci an gina shi ne a kan mudaraba, wadda littattafan Malikiyya suke kira ƙiradi. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Shi ne abin da ake yi a Kantin Kwari idan mai gida ya ba yaronsa jari ya ce je ka juya, abin da Allah ya bayar mu raba. Bambancin kawai a nan kai ne mai jari, banki ne mai juyawa. Kashin da aka faɗa maka rabon riba ne, ba rabon uwar kuɗinka ba, kuma ribar sai an same ta ake sanin yawanta.

Bari mu ƙaddara lissafi mai sauƙi, don a ga yadda abin yake tafiya. A ce banki ya haɗa kuɗin masu ajiya naira miliyan 100 a tukunya ɗaya. Ya sayi kaya ya sayar wa 'yan kasuwa bashi da ƙarin riba, wato murabaha, ya ba da hayar motoci da injuna, ya sa wani ɓangare a sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, irin waɗanda aka fara fitarwa a 2017. A ƙarshen wata tukunyar ta kawo ribar naira miliyan ɗaya da rabi. Masu ajiya suna da kashi 40, wato naira 600,000. Kuɗin gwaggo ɗaya ne bisa ɗari biyu na tukunyar, don haka rabonta naira 3,000. In kowane wata haka ya zo, naira 36,000 ke nan a shekara, kashi 7 da ɗoriya na abin da ta ajiye. In wata mai zuwa wasu masu bashi suka makara, riba ta sauko zuwa miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, rabonta ya koma 2,400, kuma babu wanda ya cuce ta. Gyaran kuskuren shi ne ka daina tambayar "kashi nawa kuke bayarwa?" ka ce a nuna maka abin da asusu irin naka ya samu a zahiri a watanni shida ko goma sha biyu da suka wuce. Ko shi ma tarihi ne, ba alkawari ba. Ma'aikacin da ya rantse maka cewa adadi kaza za ka samu duk wata, ko bai fahimci abin da yake sayarwa ba, ko yana neman cika adadin da aka ɗora masa ne.

Akwai wani abu da mutane ba sa tambaya sam, kuma yana iya canza lissafin fiye da kashin rabo. Ba kowace naira ce take da nauyi ɗaya a tukunya ba. Kuɗin da aka ɗaure na shekara guda banki yana iya sa shi a harka mai tsawo, wanda kuwa mai shi zai iya zuwa gobe ya cire, dole a bar wani abu daga cikinsa a hannu. Saboda haka ake ba kowane irin asusu nauyinsa. A misalinmu, a ce rabin tukunyar ajiyar da ake cira kowane lokaci ce mai nauyi ɗaya, ɗaya rabin kuma ajiyar wa'adi ce mai nauyi biyu. Naira 600,000 ɗin nan za ta kasu uku: 200,000 ga na farko, 400,000 ga masu wa'adi. Rabon gwaggo ya sauko zuwa 2,000, maƙwabcinta da ya ɗaure daidai irin kuɗinta ya samu 4,000, alhali takardarsu duka ta ce kashi 40. Ka tambayi nauyin asusunka kafin ka sa hannu.

Cire-cire ma yana cin rabo. Galibi ana lissafi ne da matsakaicin abin da ya zauna a asusu cikin wata. In gwaggo ta cire 400,000 ranar sha biyar ga wata, matsakaicinta ya zama 300,000, da shi za a raba mata.

Kuskure na gaba ya fi ba ni haushi, domin mutum shi yake yi wa kansa. Ɗan kasuwa ya buɗe asusun karant, ya jibge miliyoyi, bayan shekara ya zo yana ƙorafin bai ga ko kwabo ba. Asusun karant a waɗannan bankuna yawanci rance ne, ƙardi. Kai ka ranta wa banki, shi kuma ya ɗauki lamunin mayar maka da kuɗinka cif duk lokacin da ka nema, ko ya ci riba da su ko ya faɗi. Tunda rance ne, sharɗanta ƙari a kansa shi ne ainihin ribar da aka haramta, wadda ka gudo daga gare ta. In banki ya ga dama ya yi maka kyauta, wannan nasa ne, amma ba haƙƙinka ba ne. Kuɗin cefane da na biyan masu kawo kaya su zauna a karant, wanda ba za ka taɓa ba wata uku ko shida ka mayar da shi ajiyar mudaraba. Haka nan ɗan abin da ake cira na alat da katin cirar kuɗi da tura kuɗi ladan aiki ne, ba kuɗin ruwa ba, ko da yake ba laifi ka duba ko ya yi daidai da abin da aka rubuta maka.

Sai batun asara, inda mutane suka rabu biyu, kowa da nasa kuskuren. Wasu suna ɗauka uwar kuɗinsu a mudaraba tana da lamuni kamar ta karant. A ƙa'ida ba haka ba ne: in tukunya ta yi asara ba tare da sakaci ko ha'inci ko saɓa sharaɗi daga banki ba, mai jari ne yake ɗauka, banki kuma ya yi asarar wahalarsa. In da sakacinsa, shi zai biya. Wasu kuma jin haka ya sa suna tsoron kuɗinsu zai narke dare ɗaya. A aikace bankuna sukan ware wani abu daga ribar watannin albarka su ajiye, don cike giɓin watannin da kasuwa ta yi sanyi, shi ya sa wani lokaci za ka ji an yi ciniki sosai amma rabonka bai yi tsalle ba. Idan kuma bankin ne gaba ɗaya ya durƙushe, hukumar inshorar ajiya ta NDIC tana ba masu ajiya a waɗannan bankuna kariya su ma, kuma a 2024 ta ɗaga iyakar abin da take biya daga naira 500,000 zuwa miliyan 5 ga kowane mai ajiya a banki guda. Wannan inshorar ta rushewar banki ce, ba ta watan da riba ta yi ƙasa ba.

Gwaggo dai ta koma bankin da takardarta a hannu. Ta bar dubu ɗari a asusun da take cira, ta ɗaure dubu ɗari huɗu na wata shida, bayan ta sa ma'aikacin ya rubuta mata nauyin kowanne a bayan fom ɗin da biro.