In amsa biyu suka yi maka kama a jarrabawar JAMB

Masu shirin JAMB, ga wata dabara. Zaɓi huɗu ne, kuma biyu yawanci da kansu suke faɗuwa. Rigimar tana kan biyun da suka rage.

A ce an tambaya: wane ne mafi ƙanƙantar adadin da 4 da 6 duk suke raba shi ba saura? An ba ka 2, 12, 18 da 24. Ka jefar da 2 da 18, sai 12 da 24 suka tsaya maka, domin kowannensu yana rabuwa. A nan kar ka ci gaba da kallon amsoshin, koma kan tambayar ka nemo kalmar da ta ɗaure ta. "Mafi ƙanƙanta" aka ce, don haka 12 ce. Ita 24 ba ƙarya ba ce, amma ba ita aka tambaya ba, kuma da gangan aka sa ta.

Haka nan ka yi hattara da zaɓin da ya ce "kullum" ko "duka", misali ɗaya tak ya isa ya rushe shi. In an ce duk ƙarfe daskararre ne, tuna da zaiba, ruwa-ruwa take.

In abin ya ƙi, zaɓi ɗaya ka wuce, JAMB ba ta rage maki don an yi kuskure.