Bidiyon biki daga kamara uku: kurakuran da ke kawo ƙyafci da baƙin gefe a taimlayin

Aikin editin biki a Gombe yanzu ba ya zuwa daga kamara ɗaya. Mai kamara zai kawo ɗaurin aure da dina, a kwance, 1920x1080, firem 25 a daƙiƙa. Yaron diron ya kawo jerin motocin ɗaukar amarya daga Pantami zuwa Tumfure a firem 30. Sai kuma ƙawar amarya ta turo bidiyon kamu da ta ɗauka da wayarta a tsaye, ta ce uwar amarya ta ce lallai a sa. Duka a zuba a taimlayin ɗaya, kuma in an gama sai a ga hoto yana ɗan tsalle duk lokacin da kamara ta juya, ga baƙi ya ci gefe biyu na bidiyon waya.

Kuskuren farko ana yinsa tun kafin a yanka komai: barin bidiyon da aka fara ja ya zaɓa wa taimlayin saitinsa. A Premiere Pro in fayil ɗin da ka fara ja bai dace da taimlayin ba, zai tambaye ka ko `Change sequence settings` ko `Keep existing settings`. Mutane da yawa suna danna na farko ba su karanta ba. In an yi rashin sa'a hoton diron ne aka fara ja don buɗe fim, shi ke nan, taimlayin ya koma 30, alhali mafi yawan aikin a 25 aka ɗauka. A DaVinci Resolve abin ya fi tsanani, domin `Timeline frame rate` da ke cikin `Project Settings` yakan kulle da zarar ka shigo da fayiloli. Saboda haka ka zaɓa da hannunka tun farko, kuma ka bi kamarar da ta ɗauki magana: huɗubar liman, siga tsakanin waliyyai, jawabin iyaye. A misalinmu 25 ke nan.

Ga dalilin da ya sa abin yake da nauyi. Taimlayin mai 25 gurbi 25 kawai yake da shi a kowace daƙiƙa. In ka ba shi bidiyo mai 30, dole ya zubar da firem 5 a daƙiƙa, wato ɗaya cikin kowane shida. In kuma ka juya, ka sa mai 25 a taimlayin 30, sai ya maimaita firem ɗaya bayan kowane biyar don ya cike gurbi. A hoton mutum da ke zaune yana magana da wuya ido ya kama. Amma a hoton diron da ke bin motoci a hankali, ko kamarar da ke juyawa tana nuna mahalarta, nan take za ka ga motsin yana tafiya yana ɗan zabura, sau biyar a kowace daƙiƙa. Lambobin da suke ninkin juna ne kaɗai suke shiga lafiya: 50 cikin 25, ko 60 cikin 30, domin ana ɗaukar ɗaya a bar ɗaya daidai wa daida. Amma 60 cikin 25 ba ya rabuwa daidai, shi ma yana ƙyafci.

Kafin ka gyara, ka tabbatar ƙyafcin na gaske ne. Wani lokacin kwamfuta ce ta gaji, musamman in fayil ɗin 4K ne. Ka tsayar da bidiyon, ka riƙa danna kibiyar dama firem bayan firem, kana kallon wani abu tsayayye kamar turken wuta. In yana matsawa daidai sau huɗu sannan ya yi dogon taki, to an zubar da firem. In hoto ya fito sau biyu iri ɗaya, an maimaita. In kuwa takin daidai yake, laifin kwamfuta ne, kuma ba zai fito a bidiyon ƙarshe ba.

Hoton diron shi ya fi sauƙin gyara, kuma a nan ne aka fi wahalar da kai a banza. Ba shi da maganar da za a daidaita da baki, don haka ba sai an zubar da firem ko ɗaya ba. Ka gaya wa manhajar ta karanta shi a matsayin 25. A Premiere ka danna dama a kan fayil ɗin, `Modify`, sannan `Interpret Footage`, ka rubuta 25 a `Assume this frame rate`. A Resolve kuma `Clip Attributes` ne, ka canza `Video Frame Rate`. Kowane firem zai samu gurbinsa, sai dai gudun ya ragu zuwa kusan kashi 83 cikin ɗari. Abin da yake daƙiƙa 10 ya koma 12. Ga jerin motoci ko hoton sama na wurin taro, wannan 'yar nutsuwar ƙara masa kyau take yi. Ka yi wannan kafin ka fara yanka, domin in ka canza bayan ka jera, wuraren da ka yanka za su goce.

Kada ka kai wannan dabarar kan bidiyon da ake magana ko waƙa ko rawa a cikinsa. Murya za ta ja ta yi kauri, in kuma ka bar sautin yadda yake, baki da magana su rabu. Bidiyon kamun nan na waya, da guɗa da waƙar ƙawaye, dole ya tafi da gudunsa na asali. A nan zaɓi uku ne, kuma kowanne da kuɗinsa. `Frame Sampling` a Premiere, wanda Resolve ke kira `Nearest`, shi ne mai zubar da firem. In wayar ba ta yawo sosai, ni shi nake bari, domin hoton yana nan tsaf. `Frame Blending` yana haɗa firem biyu, ƙyafcin ya lafa amma hannu mai motsi ya zama kamar da inuwa. `Optical Flow` kuwa yana ƙirƙiro sabbin firem a tsakani, kuma yana yin kyau inda motsin yake a sarari. Kuskuren shi ne a zuba shi kan komai. Wurin da ake liƙi, kuɗi na tashi, hannaye na giftawa gaban fuska, ga leshi mai ƙyalli, sai ka ga gefen mayafi yana narkewa yana lanƙwasa. Ka gwada shi a kan yanki ɗaya, ka duba firem bayan firem, inda ya ɓata ka koma na farko.

Akwai wata cuta ta daban da wayoyi ke zuwa da ita. Waya takan ce 30 take ɗauka, amma ba ta tsayawa a 30: in haske ya yi ƙasa, kamar a ɗakin amarya da daddare, sai ta rage. Alamar ita ce magana ta fara daidai da baki, bayan mintuna kaɗan ta goce. Ka buɗe fayil ɗin da MediaInfo. In ka ga `Frame rate mode: Variable`, to ita ce. Ka maida shi tsayayye kafin ya shiga taimlayin, ko dai da HandBrake ta hanyar zaɓar `Constant Framerate`, ko da wannan:

```
ffmpeg -i kamu.mp4 -vf fps=30 -c:v libx264 -crf 18 -c:a aac kamu_cfr.mp4
```

Na bar shi a 30 da gangan, don manhajar editin ta samu duka firem ɗin in za a gwada `Optical Flow`. Kuma tun da ana maganar waya: ka roƙi ƙawar amarya ta turo fayil ɗin a matsayin `Document` a WhatsApp, ko ta kawo wayar a kwafa. Wanda aka turo ta hanyar da aka saba an riga an matse shi, in ka faɗaɗa sai ya farfashe.

Sai maganar baƙin gefe. Bidiyon tsaye mai 1080x1920 in an rage shi ya shiga tsayin 1080, faɗinsa ya koma kusan 608, ya bar baƙi kusan 656 a kowane gefe. Mafi munin gyara shi ne a ja shi ta gefe ya cika allo, amarya ta koma gajeriya mai faɗi. Wannan ba uwar amaryar da za ta yafe. Na biyu shi ne a faɗaɗa har baƙin ya ɓace. Wannan yana buƙatar `Scale` ya kai kusan 178, kuma abin da zai rage a allo bai kai kashi ɗaya cikin uku na tsayin hoton ba. Ɗankwali ya tafi, lallen hannu ya tafi, abin da ya saura kuma ya yi dishi-dishi. In an ɗauka a 4K ne, 2160x3840, to faɗinsa ya riga ya wuce 1920, `Scale` kusan 89 ya isa ya cika allo ba tare da ingancin ya faɗi ba. Yankan sama da ƙasa dai yana nan, don haka sai ka matsa `Position` ya bi fuska.

Ga bidiyon 1080 na tsaye, abin da ya fi shi ne a bar shi a tsayensa a cike gefen. Ka kwafe shi zuwa layi biyu. Na ƙasa ka faɗaɗa shi ya cika allo, ka sa masa `Gaussian Blur` mai yawa, ka ɗan rage haskensa don kada ya ja ido. Na sama ka bar shi a tsakiya, ko ka ƙara masa girma kaɗan in akwai sararin banza a saman kai. In kana da bidiyon tsaye biyu ko uku na lokaci guda, ka jera su gefe da gefe: uku masu faɗin 608 sun ci 1824, saura 96 kawai, wanda ya isa siririn rata a tsakani. Wannan ya fi kyau a ganina, domin allon ya cika da biki na gaske.

Tsohon bidiyo mai 4:3, irin na bikin iyaye da ake son sakawa don tunawa, ba shi da wannan wahalar. Baƙinsa 240 ne a kowane gefe, kuma in ka cika allo rubu'in tsayinsa kawai za ka rasa. Sau da yawa ma barinsa da gefensa ya fi, mai kallo ya san tsohon hoto ne.

A Premiere ka lura da `Scale to Frame Size` da `Set to Frame Size`, wanda sabbin Premiere ke kira `Fit to Frame`. Na farko yana rage hoton ya ɗauki wannan a matsayin 100, in ka sake zuƙowa sai ingancin ya ragu. Na biyu lambar `Scale` kawai yake canzawa, asalin hoton yana nan. A Resolve abin yana ƙarƙashin `Image Scaling`, inda `Scale entire image to fit` ke barin baƙi, `Scale full frame with crop` ke cika allo ya yanke gefe.

Daga ƙarshe ango zai ce a ciro masa minti ɗaya na sitatus. Kada ka ɗauki fim ɗin da ka riga ka fitar ka jefa a taimlayin tsaye: bidiyon kamun zai zama ɗan akwati a tsakiyar wani akwati, ga baƙi sama da ƙasa. Ka kwafi taimlayin ɗin, ka canza girmansa zuwa 1080x1920, ka bar firem a 25, ka goge layin da ka dusashe. Bidiyon waya mai 1080x1920 zai cika allo in ka maida `Scale` ɗinsa 100, na kamara ne yanzu za ka faɗaɗa ka bi fuska da `Position`. Wurin fitarwa kuma ka duba `Frame Rate` yana kan 25 kamar taimlayin. In saitin da ka zaɓa ya maida shi 30, ƙyafcin da ka cire zai dawo a kan fim ɗin gaba ɗaya.