Darasi: Yadda bututu ke fitar da hayaƙi daga kicin

Ku shiga kowane madafi da ake hura itace ku ɗaga kai sama, za ku ga kunkunniya ta manne da azara ko kwano baƙi ƙirin, to wannan abin da ya manne a sama irinsa ne mai girki take shaƙa safe da yamma, ita da yaron da ke goye a bayanta. Shi ya sa ake sa bututu. Amma mutane da yawa sun biya mai walda ya haɗa musu, ƙarshe hayaƙin na nan yana cika ɗaki, sai su ce bututu ba ya aiki. Yana aiki, sharuɗɗansa ne ba a cika ba.

Bututun murhun itace ba shi da inji ba shi da fanka, zafi ne kawai ke tuƙa shi. Iska idan ta ɗau zafi buɗewa take yi ta rage nauyi. A ce akwati ne mai mita 1 ta kowane gefe, in iskar waje ce a ciki a zafin digiri 30 nauyinta kusan kilo 1 da giram 160 ne, in kuwa hayaƙi ne mai zafin digiri 150 kusan giram 830 ne kawai. To iskar waje da ta fi nauyi ita ce take dannowa ta bakin murhu, ta ture mara nauyin ta yi sama ta cikin bututu. Wannan shi ne jan da muke cewa bututu na yi. Kun ga kenan in cikin bututu ya fi zafi jan ya fi ƙarfi, in ya fi tsawo ma haka, bututu mai mita 4 ya ninka mai mita 2 ƙarfin ja in zafin cikinsu ɗaya ne.

Abu na uku shi aka fi mantawa: duk hayaƙin da ya fita dole wata iskar ta shigo ta maye gurbinsa. In aka kulle ƙofa aka toshe taga da tsumma saboda sanyin hunturu, bututun ba shi da abin da zai ja, wutar ta yi ta cijewa hayaƙi na dawowa ta baki. Ko yaushe a bar wata kafa a buɗe, kuma wadda take ƙasa-ƙasa kusa da murhun ta fi.

Mu ɗauki misali. Mai tuwo ce ta gina murhun laka mai bakin tukunya 2 a jikin bango, mai walda ya sa mata bututun langa-langa inci 4, ya fasa bango ya kwantar da shi kusan mita 1 da rabi, ya sa gwiwa ya miƙe sama kaɗan ya tsaya a ƙarƙashin bakin kwano dan kar ruwan sama ya shiga. Da safe in ta hura wuta hayaƙi ta bakin murhu yake fitowa, sai can da wuta ta kankama ya ɗan lafa, iska na kaɗawa kuma ya bugo mata a fuska gaba ɗaya.

Matsalar farko ita ce kwanciyar nan. Bututu a kwance ba ya ƙara ja ko kaɗan, sai ma ya sanyaya hayaƙin ya tara baƙi a ciki, kuma kowace gwiwa tana rage gudu. Gyaransa a matso da murhun a rage kwanciyar ta dawo ƙasa da rabin mita, ita ma a ɗan ɗaga ta tana hawa, in da hali ma a miƙe da shi sak ta rufi. Ta biyu inda ya tsaya. Iska in ta daki bango da bakin kwano tana taruwa a wurin ta danna hayaƙin ya koma ciki, shi ya sa yake bugo mata. Magina na da awo a kan wannan: bakin bututu ya wuce inda ya fito daga rufi da kusan santimita 90, wato ƙafa 3, sannan ya ɗara da santimita 60 a kan duk wani abu da ke kusa da shi cikin tazarar mita 3, ko tsinin rufi ne ko katangar maƙwabci. Maganin ruwan sama kuma hula ce, a yi mata ƙafafu a bar sarari tsakaninta da bakin bututu wanda bai gaza faɗin bututun ba, in aka kifa ta dab da baki an toshe shi ne kawai.

Hayaƙin safe kuwa dan bututun na da sanyi ne bai fara ja ba. A cusa takarda ko busasshen kara a ƙona a gindin bututun kafin a hura itacen, minti 1 ko 2 ya isa ya ɗumama. Kuma murhu mai baki 2 na tuwon sayarwa ni dai zan ce a sa inci 5 ko 6, inci 4 na saurin cikewa. Kar kuma a ce bari a sa ƙato, in ya yi faɗi da yawa hayaƙin hucewa yake kafin ya kai sama. In jan ya yi yawa har wuta na ruri itace na ƙarewa da wuri, a rage bakin murhun da bulo ko marfin ƙarfe.

Ɗanyen itace shi ne babban abokin gabar bututu, hayaƙinsa ba zafi sosai ga tururi, yana barin wani baƙin abu mai danƙo kamar kwalta a ciki, wanda in ya taru yana iya kamawa da wuta. A riƙa ɗaura tsumma ko buroshi a doguwar gora ana zurawa, mai girkin sayarwa duk sati 2 ba ta yi yawa ba. Bututun ƙarfe kuma kar ya kusanci katako ko azara ko ciyawa, a ba shi tazarar santimita 45, inda ya ratsa rufi a zagaye shi da ƙarfe ko laka.

Sai rumfar hayaƙi ta kicin ɗin gas, wadda ake kafawa a saman kukar gas. Wutar gas ba ta tura zafin da zai ja da kansa sosai, shi ya sa ake sa mata fanka, in ba Nepa sai a buɗe taga. A kafa ta tsakanin santimita 65 zuwa 75 sama da kan gas, faɗinta kar ya gaza na kukar. Ku lura wajen saye dan iri 2 ce, wata tana da bututu da ke fita waje, wata kuwa tace maiƙo da wari kawai take ta dawo da iskar cikin ɗakin, wannan ba ta fitar da tururi ko gubar wuta. Ragar ƙarfen da ke ƙarƙashinta a cire a wanke da ruwan zafi da omo duk wata, in maiƙo ya toshe ta fanka za ta yi ta ƙara a banza.

Dan Allah a kula da gawayi. Bai cika hayaƙi ba amma yana fitar da iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana barci. In ana girki aka ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya, kowa ya fita waje nan take a buɗe ƙofa da taga, kuma kar a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki.

Aikin gida: idan wuta ta kama, ku kunna turaren tsinke ku riƙe shi kusa da bakin murhu. In hayaƙinsa ya lanƙwasa ya shige ciki bututunku na ja, in ya tashi sama ko ya yo wajenku akwai gyara. Ku rufe ƙofa ku sake gwadawa ku ga ko ya canza. Masu fanka su ɗora fallen tishu a jikin ragar, in ya manne tana ja. Ku rubuta abin da kuka gani a layi 3, da tsawon bututunku, ku zo da shi aji.